Layi Biyar Kacal: Abin Da Masu Zaɓen Ɗaliban Gajeren Kwas Suke Nema

A fam ɗin neman gurbin gajeren kwas akwai wani ɗan akwati da mutane suke rainawa. Sun cike suna, sun cike ranar haihuwa, sun ɗora hoton takardar shaida, sai su iso wurin da aka ce su faɗi dalilinsu na son kwas ɗin a layi huɗu ko biyar. Da yawa a nan suke cewa ai an gama, su rubuta abin da ya fara zuwa musu. Alhali kuwa a dukan fam ɗin, nan ne kaɗai mai zaɓe yake jin muryar mai nema.

Irin waɗannan kwasa-kwasai sun yawaita. Cibiyar ICTP da ke Trieste a Italiya, wadda masanin kimiyya Abdus Salam ya kafa a 1964, tana shirya gajerun makarantu na mako ɗaya zuwa 'yan makonni duk shekara. Akwai kuma makarantar kimiyyar fiziks ta Afirka da aka fara a Afirka ta Kudu a 2010, aka yi ta biyu a Kumasi a 2012. Jami'o'in Turai su ma suna buɗe nasu a dogon hutun Yuni zuwa Agusta. Wasu kan kira su makarantun bazara, amma mai shirin tafiya ya sani cewa a kalandarmu tsakiyar damina suke faɗowa. Kowace da tsarinta: wata tana neman cikakkiyar wasiƙa, wata kuwa 'yan layuka kawai.

Wanda zai karanta 'yan layukan nan yawanci malami ne daga cikin masu koyar da kwas ɗin, kujerunsa ƙidayayyu ne, takardu kuma tuli a gabansa. Kwas na kwana goma ba shi da sararin jiran wanda aka bari a baya, ba shi kuma da abin da zai ƙara wa wanda ya riga ya wuce matakin. Saboda haka abin da malamin yake laluɓe shi ne ko wannan mutum ya dace da matakin ajin, kuma ko akwai wurin da zai koma ya yi aiki da abin da ya koya. Tarihin rayuwa ba ya amsa wannan.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciya a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, wadda take neman kwas na kwana goma a kan DHIS2, manhajar da aka ƙirƙira a Jami'ar Oslo, wadda Najeriya da Nijar suke tattara bayanan lafiya da ita. A ce fam ɗin ya ba ta haruffa 500. Rubutunta na farko zai iya fitowa haka: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina farin cikin samun wannan dama daga cibiyarku mai daraja. Tun ina ƙarama nake da burin taimaka wa al'umma. Ni mai ƙwazo ce, mai son ƙarin ilimi. Ina roƙo a taimaka a ba ni gurbi."

Babu ƙarya a ciki, kuma ladabi ya cika. Matsalar ita ce injiniya ma zai iya sa hannu a ƙasansa, malamin firamare ma haka, ba tare da an canja kalma ɗaya ba. Kusan rabin rubutun ya tafi a gaisuwa da yabon cibiya. Tarbiyyar Bahaushe ce ta jawo, domin an koya masa cewa ba a shiga magana sai da sallama, kuma faɗin abin da mutum ya iya kamar yabon kai ne. A zaure wannan daidai ne. A akwatin haruffa 500 kuwa, mai zaɓe ya gama karantawa bai san ko ta taɓa buɗe manhajar ba.

Ga yadda zai zama in ta sake zama ta yi tunani: "Shekara huɗu nake tattara rahoton riga-kafi na asibitoci 12 a sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ina shigarwa a DHIS2 duk wata. Na iya shigarwa, amma ban iya gano inda alƙaluman rajista suka saɓa da na rahoto ba, shi ya sa ake yawan dawo mana da shi. Darasinku na tantance ingancin bayanai shi ne abin da na rasa. In na dawo zan koyar da abokan aikina uku. Shugabana ya amince mini da kwana goman."

Kalma 70 da 'yan kai ke nan, kuma ba ta ce ita mai ƙwazo ce ba. Shekara huɗu da asibitoci 12 sun faɗa a madadinta. Jimla ta biyu ita ce mafi nauyi, ita ce kuma wadda masu nema suka fi jin tsoro, domin ta bayyana abin da ba ta iya ba. Amma kwas dama don cike giɓi aka shirya shi, kuma wanda ya iya nuna giɓinsa daidai ya nuna ya san aikin. Ambaton darasi guda daga manhajar karatun shaida ce cewa ta karanta sanarwar har ƙarshe. Alkawarinta ma ƙarami ne wanda za a iya gaskatawa: mutum uku, maimakon ceto lafiyar jiha baki ɗaya. Jimlar ƙarshe kuwa ta kwantar wa masu shiri hankali, don babu abin da ya fi ɓata musu rai kamar a ba mutum kujera, ranar buɗewa a ga wayam.

Sauran tuntuɓen na ƙidaya ne. In fam ya rubuta "characters", haruffa yake nufi, kuma galibi har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. In ya rubuta "words", kalmomi ne. Haruffa 500 ba su wuce kalma 80 zuwa 90 na Ingilishi ba. Wasu akwatunan in aka liƙa musu rubutun da ya zarce iyaka sukan datse wutsiyarsa shiru, sai jimlar ƙarshe ta tafi rabi. Akwai kuma inda adadin da aka bayar shi ne mafi ƙaranci: fam ɗin neman tallafin kuɗi na Coursera ya daɗe yana neman aƙalla kalma 150 a amsa. Don haka a duba ko "minimum" aka rubuta ko "maximum".

Da yake yawanci da Ingilishi ko Faransanci ake turawa, ba laifi mutum ya fara tsara maganarsa da Hausa, ya san abin da yake son faɗa, sannan ya juya. Abin gudu shi ne rubutun aro, irin wanda ake ajiyewa a shagon kwamfuta ana canja suna kawai. Malamin da ya karanta takarda ɗari ya haddace buɗewarsa, wani lokaci ma har sunan wani kwas dabam yakan tarar a ciki an manta ba a goge ba.

Kafin a danna tura, mai nema ya rufe sunansa ya miƙa wa abokin aikinsa rubutun. In abokin bai gane ko wane ne ya rubuta ba, kuma bai gane wane kwas ake nema ba, a koma a sake.