Kunyoyin da Ido Ba Ya Gani a Jikin Ƙarfe

Idan mai injin niƙa ko mai injin ban ruwa ya kai shaf ɗinsa gun masu sassaƙar ƙarfe, irin waɗanda ke Fanteka a Kaduna, ƙyalli ne abin da yake fara dubawa in an miƙo masa aikin. Gogaggen mai sana'a kuwa farce yake sawa. Yakan ja farcensa a tsawon ƙarfen, in ya ji yana ƙarƙar kamar an goga shi a bakin zarto, ya san akwai sauran aiki, komai ƙyallin da ƙarfen yake yi.

Abin da farcen yake ji kunyoyi ne, irin na gona, sai dai ƙanana ƙwarai. Injin sassaƙa yana juya ƙarfen, wuƙar yanka kuma tana tafiya a hankali a gefensa tana fere shi. A kowane juyi ɗaya wuƙar tana matsawa gaba da ɗan taku, kuma tsinin bakinta, wanda ake kira hanci, a zagaye yake. Saboda haka kowane juyi yana barin ɗan kwari mai siffar hancin, tsakanin kwari da kwari kuma sai ɗan tudu ya tsaya wanda wuƙar ba ta taɓa ba. In manomi ya buɗa tazara tsakanin layukan garma, tudun da ke tsakani zai yi girma. Haka ma a nan: faɗin taku da faɗin hanci su ne ke yanke hukuncin tsayin tudun.

Ana auna kaushin nan da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin 1000 na milimita. Gashin kan mutum kaurinsa wajen maikuromita 70 ne. A zanen injiniya za ka ga an rubuta Ra da lamba a gefensa, misali 1.6 ko 0.8, ma'ana matsakaicin nisan tudu da kwari daga layin tsakiya. Lissafin da ake kimanta shi da shi gajere ne:

```
Ra ≈ 1000 × f² / (32 × r)
```

Harafin f shi ne takun wuƙa a juyi ɗaya, r kuma girman zagayen hanci, daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta, duka a milimita. Amsar tana fitowa a maikuromita. A lura da ƙaramar lamba 2 da ke saman f, domin kan zancen yana wurinta. Ana ninka taku da kansa, hanci kuwa sau ɗaya yake shiga lissafin. Wanda ya rage taku da rabi ya rage kaushi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya ninka girman hanci rabi kawai ya rage.

A ɗauki shaf mai kaurin milimita 30, ana son gyara mazaunin boris, zane kuma ya nemi Ra 1.6. Mai aikin yana da wuƙa mai hanci 0.4, ya bar takun a 0.3 da ya yi yankan farko da shi. Lissafi ya ba da maikuromita 7, fiye da ninki huɗu na abin da ake so. Daga ƙasan kwari zuwa ƙolin tudu kuma akwai wajen maikuromita 28. Wannan lamba ita ce abin tsoro, domin matsin da ke riƙe boris a kan shaf mai wannan kauri yawanci ba ya wuce maikuromita 25. Ma'auni zai nuna kaurin ya yi daidai, tunda a kan ƙolin tuddan yake sauka. Amma da an danna boris, tuddan suka murƙushe, sai riƙon ya saki. Nan gaba kaɗan boris ya fara juyawa a mazauninsa, mai injin ya dawo yana zargin boris ɗin jabu ne, alhali laifin yana cikin takun wuƙa.

Da mai aikin ya rage taku zuwa 0.15, kaushin ya sauko zuwa kusan 1.8. Ya matso, amma bai kai ba. In ya sauya wuƙar da mai hanci 0.8 a kan wannan takun, sai ya samu kusan 0.9, kuma nan ne ya kamata ya tsaya, domin aikin gaske kullum ya fi na takarda kaushi, dole a bar rara. Kuɗin wannan gyara ba shi da yawa. In injin yana juyi 800 a minti, mazauni mai tsawon milimita 60 yana ɗaukar daƙiƙa 15 a taku 0.3, daƙiƙa 30 kuma a taku 0.15. A ganina babu uzuri ga wanda ya ƙi ƙara daƙiƙa 15 ya jawo wa mai injin asarar boris da kwanakin aiki.

Sanin girman hanci ba wuya ga mai amfani da ƴan wuƙaƙen kabaid da ake ɗaurawa da noti. A jikin kwalinsu akwai lamba irin CNMG 120408, kuma lambobi biyun ƙarshe su ne hancin: 08 na nufin 0.8, 04 na nufin 0.4. Mai wasa wuƙarsa da hannu a dutse kuwa, ya guji barin tsinin kamar allura, ya ɗan zagaye shi.

To me zai hana a sa ƙaton hanci da ƙanƙanin taku a huta? Lissafin yana da iyaka, kuma ƙarfe yakan nuna ta a fili. Babban hanci yana taɓa ƙarfen a wuri mai faɗi, yana tura shi gefe. In shaf ɗin siriri ne ko ya yi tsawo ba tare da an tokare ƙarshensa ba, sai ya fara karkarwa, injin ya riƙa ƙara mai kama da kuka, jikin ƙarfen ya fito da zane-zane masu maimaituwa kamar ɓawon kifi. A irin wannan hali ƙaramin hanci ya fi babba ba da santsi. Haka kuma in zurfin yanka ya gaza girman hancin sosai, ko taku ya yi ƙanƙanta ainun, wuƙar takan daina yanka ta koma goga, ta yi zafi, ta dakushe, ta bar fuska mai dabbare-dabbare.

Akwai kuma wata cuta da ba ta cikin lissafin ko kaɗan. In ana yanka ƙarfe mai taushi ko alminiyam a hankali fiye da kima, ɓurɓushinsa yakan manne a bakin wuƙar, ya taru, ya ɓalle, ya sake taruwa, fuskar aikin ta fito a yage kamar an yakushe ta. Rage taku ba ya maganin wannan. Maganinsa a ƙara saurin juyi, a sa wuƙa mai kaifi, a zuba ruwan sanyaya.

Fuskar ƙarfen da kanta take faɗin abin da ke damunta. Layuka masu tsari, tazararsu ɗaya kamar zaren noti, aikin taku da hanci ne, kuma lissafi zai gyara su. Ɓawon kifi karkarwa ce, a duba ɗauri da tokari. Yagewa kuma a duba sauri da kaifi. Kai kuma mai kai aiki, in an miƙo maka shaf ɗinka, ka ja farcenka a mazaunin boris kafin ka biya, in ka ji yana kamawa ka roƙi a sake bi da yankan ƙarshe a ƙaramin taku, muddin akwai sauran kaurin da za a cire.