Lokutan Aikatau Uku a Babi Ɗaya na Kundin Digiri

Babin kundin digiri kan haɗa lokuta uku, kowanne da aikinsa. Abin da masana suka riga suka gano ya wuce, sai a ba shi shuɗaɗɗen lokaci: "Greenberg ya sanya Hausa cikin harsunan Chadi a 1963." Matakan da ɗalibi ya bi ma sun wuce: "an raba takardun tambayoyi, an tattara amsoshi." Hujjar da yake kafawa kuwa tana nan daram, don haka "wannan sakamako yana nuna" ya dace da ita.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne babi na uku. Ɗalibi kan kwafo shi daga takardar neman amincewa da bincike, ya bar "za a raba" bayan an gama rabawa tuntuni. Mai duba kundi da ya ga "za a" a nan ya san ba a sake karanta babin ba.