Lambar da Ta Ƙi Motsi a Takardar Sakamako

Ƙarshen zangon karatu lokaci ne na gaggawa a ofishin jami'in jarrabawa, kuma a nan ne takardar Excel ta fi yin ɓarna ba tare da kowa ya lura ba. A ce jerin B na ɗauke da makin gwaji, jerin C na jarrabawa, jerin D kuma jimilla. A kowane gurbi na D akwai fomula irin wannan:

```
=B14+C14
```

Ɗalibar da ke layi na 14 ta samu 28 da 40, jimilla 68. Sai wani ya taɓa gurbin, ya buga 68 da hannu, ko ya kwafo ya liƙa da Paste Values. Fomula ta tafi, lamba ta zauna, ido kuwa ba zai ga bambanci ba. Bayan kwana biyu malami ya sake duba takardar yarinyar, ya mayar da 40 zuwa 49. Jimillar da ya kamata ta koma 77 tana nan a 68, kuma da ita za a fitar da matsayinta a aji. Wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi shi ba.

Hanya mafi sauri ta kama irin wannan ita ce danna Ctrl tare da maɓallin ` da ke ƙarƙashin Esc. Nan take kowane gurbi zai nuna abin da ke cikinsa, sai a ga 68 tsirara a tsakiyar fomuloli. Idan layuka sun kai ɗaruruwa, gara a zaɓi jerin D, a danna F5, a shiga Special, a zaɓi Constants. Excel zai haskaka guraben da aka cika da hannu kaɗai.

Wanda ke son mai gadi na dindindin sai ya sa wannan ƙa'ida a Conditional Formatting, bayan ya zaɓi jerin tun daga D2:

```
=NOT(ISFORMULA(D2))
```

Duk gurbin da ya rasa fomularsa zai canza launi. ISFORMULA ta shigo ne da Excel 2013, kuma akwai ta a Google Sheets. Ɗan koren alamar nan da ke fitowa a kusurwar gurbi ba abin dogaro ba ne, domin ta fi kama fomular da ta saɓa wa maƙwabtanta.

Amma fa kada a yi saurin jan fomula a rufe gurbin. Wata sa'a da gangan aka buga lambar, misali an yi wa ɗalibi sassauci saboda rashin lafiya. A fara tambayar wanda ya shigar da ita. In gyaran halas ne, a buɗe masa jeri nasa tare da dalili, a mayar da fomula, sannan a kulle jerin D da Protect Sheet kafin takardar ta sake fita daga ofis.