Ɗigo Ɗaya Da Ya Kusa Cinye Mana Akuya

A wannan makon mun kawo muku bayani a kan abin da ya sa waya take karanta rubutun hoto ba daidai ba, da yadda za a taimaka mata kafin a sa ta fassara.

Abin ya faro ne a gidan wani ɗan ƙungiyarmu da ya je hutu Roni. Mahaifinsa ya sayi maganin tsutsar ciki na awaki, amma takardar bayanin ta jiƙe ta yage. Yayansa da ke Kazaure ya samo takardar a intanet, ya ɗauki hoton fuskar wayarsa, wato sikirinshot, ya tura wa kawunsu a Babura. Shi kuma kawun ya sake ɗaukar hoton hoton, ya turo Roni. Da yake da Turanci aka rubuta, sai abokinmu ya sa hoton a wata manhajar fassara. Fassarar ta ce a ba akuya 15 ml. Mahaifinsa ya dubi sirinjin hannunsa ya ce shi bai taɓa ba ƙaramar akuya magani mai yawa haka ba. Da aka bincika, ashe 1.5 ml aka rubuta. Ɗigon tsakiya ne ya ɓace, maganin ya ninka sau goma.

Da aka dawo makaranta mun ɗauki hoton mun kai wa malamin kwamfuta, muka zauna muka bi diddigin abin.

Abu na farko da muka gane shi ne, aiki biyu manhajar take yi. Da farko tana duba hoto ta mayar da shi haruffa, wannan shi ake kira OCR a taƙaice. Bayan nan sai ta fassara haruffan da ta samu. Mai fassarar ba ya ganin hoton, abin da aka miƙa masa kawai yake juyawa. Idan karatun farko ya karkace, fassarar za ta fito da Hausa mai daɗi amma maganar ƙarya ce.

To me ya sa karatun yake karkacewa? Kowane hoto a waya an gina shi ne da ƙananan ɗigogi masu launi da ake kira fiksel, kamar yadda ake jera zare a ɗinkin hula. Idan zaren ya yi kaɗan, zanen ba zai fito ba. Mun yi lissafi a allo. Wayoyi da yawa da ke hannun mutanenmu faɗin fuskarsu fiksel 720 ne. Faɗin takardar A4 kuwa milimita 210 ne. Idan aka matse dukan takardar a fuskar wayar, kowace milimita za ta samu fiksel uku da 'yan kai. Ƙaramin harafi kamar a ko e tsayinsa wajen milimita biyu ne, ke nan fiksel bakwai kacal ya samu. Masu kula da Tesseract, wata tsohuwar manhajar karanta rubutu da aka fara ginawa a kamfanin HP a shekarun 1980, sun yi gargaɗin cewa idan tsayin ƙaramin harafi bai kai fiksel goma ba, da wuya a samu karatu mai kyau. Shi kuwa ɗigon da ke tsakanin 1 da 5 ko fiksel biyu bai cika ba. Manhajar ta ɗauke shi a matsayin datti, ta share.

Ga kuma matsalar yawan turawa. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, ana matse shi don kada ya ci data da yawa, kuma a wajen matsewar gefen haruffa yake yin dishi-dishi. Ɗaukar hoton hoto da kawun ya yi ya ƙara lalata shi. Sai haruffan da ke kusa da juna suka manne. A takardar akwai inda aka rubuta close, ana nufin a rufe kwalbar, amma c da l suka haɗe suka zama d, manhajar ta karanta dose, wato adadin magani. Haka r da n suke haɗewa su zama m, sannan 0 da O, ko 1 da l, ko 5 da S sukan rikiɗe. A Hausa ma ba mu tsira ba, domin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce sosai. Idan ta narke, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa.

Sai muka gwada gyara. Mun buɗe hoton muka danna Crop, muka yanke komai, muka bar layi uku da muke buƙata. Yankewa tana da amfani biyu. Tana cire agogo da alamar batir da saƙonnin gefe, waɗanda manhajar take cusawa cikin jimla. Sannan manhajoji da dama suna rage girman babban hoto kafin su karanta, to idan guntu ka ba su, babu abin ragewa. Daga nan muka ƙara girman guntun da yatsu biyu har ya cika fuskar wayar, muka sake ɗaukar sa. Wannan karon an karanta close daidai, domin siririn farin da ke tsakanin c da l yana nan, faɗi ne kawai bai samu ba.

Amma ɗigon maganin bai dawo ba. A nan muka koyi iyakar dabarar. Ƙara girma yana buɗa abin da ya rage a hoto ne, ba ya dawo da abin da ya riga ya goge. Dole muka nemi yayan da ke Kazaure ya koma kan takardar ta asali, ya ƙara girmanta sau uku kafin ya ɗauka. Harafin da yake fiksel bakwai ya koma wajen 21, ɗigon kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Ya turo ta WhatsApp ta wurin Document, inda ba a matse hoto. Karatu ɗaya aka yi, 1.5 ml ta bayyana.

Saboda haka ga shawararmu. Ku ƙara girman rubutu kafin ku ɗauka, ko da shafi ɗaya zai zama hoto uku. Idan hoton turo muku aka yi, ku yanke, ku ƙara girma, sannan ku duba rubutun da manhajar ta ciro kafin ku karanta fassarar. Idan kun ga lamba a tsakiyar kalma, ko jimlar da ba ta dace da sauran ba, karatun ya sami matsala. Lambobi kuwa ku gwada su da hoton ɗaya bayan ɗaya da idonku, domin 15 da 1.5 duk lambobi ne masu kyau, babu abin da zai nuna wa manhajar ta yi kuskure. Idan idonku ma ya kasa gani, ku nemi na asali. In kuma maganar magani ce, na mutum ko na dabba, a tambayi ma'aikacin lafiya ko malamin dabbobi tukuna.

Akuyar dai tana nan lafiya a Roni, har ta haifi 'ya'ya biyu.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makarantarmu.