Me Ke Sa Sauti Tas-Tas a Situdiyo, Alhali Na'ura Lafiyarta Ƙalau?

A ɗauka muna wani ƙaramin situdiyo a Kano. Da safe an ɗora kiɗa, mawaƙi ya shiga ɗakin ɗaukar murya, komai na tafiya sumul. Zuwa la'asar waƙa ta cika: ganguna, fiyano, 'yan amshi, ga gyaran murya a kan kowane layi. Sai sifika ta fara tas-tas, can kuma sautin ya ɗauke na ƙiftawar ido ya dawo. Nan take a ɗora wa saunkad laifi, wato ɗan akwatin da ake jona makirfo da sifika a jikinsa, shi kuma a haɗa shi da kwamfuta ta wayar USB. Wani ya ce jabu aka sayo, wani ya ce a kai wa mai gyara.

Mafi yawan lokuta akwatin ba shi da laifi. Kwamfuta ce ta makara, kuma makarar ba ta kai ko kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba.

A cikin kwamfuta, sauti jerin lambobi ne. Saunkad na auna ƙarfin abin da ke fitowa daga makirfo sau dubbai a kowace daƙiƙa, kowane awo ya zama lamba guda, wadda ake kira samfur. Faifan CD na amfani da samfur 44,100 a daƙiƙa, aikin fim kuwa galibi 48,000. Wajen sauraro sai a juya lamarin: saunkad ya riƙa karɓar lambobi yana mayar da su motsin sifika. Yana da agogonsa na kansa, kuma agogon nan ba ya jiran kowa. Idan an saita shi a 48,000, to a kowace daƙiƙa sai ya fitar da samfur 48,000, ko kwamfuta ta shirya ko ba ta shirya ba.

Ita kuwa kwamfuta ba ta iya miƙa samfur ɗaya bayan ɗaya, domin hidimomi sun yi mata yawa: ga allo, ga intanet, ga manhajoji barkatai da ke aiki a ɓoye. Saboda haka aka shirya ta riƙa miƙa su jimla-jimla. Wurin da ake tara kowace jimla shi ne bafa, girmansa kuma shi ne adadin samfur da yake ci: 64, 128, 256, 512, 1024. Yayin da saunkad ke juye bafa ɗaya zuwa sifika, kwamfuta na cika na gaba. Kamar injin niƙa ne da ba a kashewa, yaro yana zuba masa hatsi. In da ƙaramin kwano yake ɗiba, dole ya yi ta safa da marwa, ko tuntuɓe ya yi injin zai yi kukan wofi. In da babban daro ne, yana da sararin numfasawa, sai dai akwai jira kafin daron farko ya iso.

Lissafin ba wuya. Raba girman bafa da yawan samfur na daƙiƙa, ka sami wa'adin da kwamfuta take da shi. Bafa 128 a kan 48,000 ya ba da milisakan 2.7, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Bafa 256 ya ba da 5.3, bafa 512 ya ba da 10.7, bafa 1024 kuma 21.3. Ke nan a bafa 128, sau 375 a kowace daƙiƙa kwamfuta za ta lissafa duk kiɗan da muryoyin da gyare-gyarensu, ta miƙa kafin wa'adi ya cika. Sau ɗaya ta saɓa, saunkad zai tarar da wuri fayau, ya fitar da shiru ko ya maimaita tsohon abin da ya rage. Igiyar sauti da ke tafiya a lanƙwashe sai ta yanke farat ɗaya, fatar sifika ta yi tsalle, kunne ya ji tas. Makara a kai a kai ita ce ke ba da ƙaras-ƙaras, doguwar makara kuma ita ce ɗaukewar sauti.

Mu koma situdiyon nan da alƙaluman misali. Furodusa na aiki da FL Studio, bafa 128, samfur 48,000. Da safe lissafin kowane bafa na cin milisakan 0.8 daga cikin 2.7, saura kusan biyu a hannu. Da la'asar, bayan an jibga fulogin, wato ƙananan manhajojin ƙara amo da gyaran murya, lissafin ya kai 2.2. Rarar da ta rage rabin milisakan ce kacal. Ana nan sai direban Wi-Fi ya tashi neman hanyoyin sadarwa na kusa, ya riƙe ƙwaƙwalwar kwamfuta na milisakan ɗaya. Da safe ma ya yi haka, ba wanda ya ji, domin akwai rara. Yanzu babu, sai tas.

Furodusa ya mayar da bafa 512. Aikin ya ninka sau huɗu, ya zama kamar 8.8, amma wa'adin ma ya ninka zuwa 10.7. Rara ta koma kusan milisakan biyu, kutsen Wi-Fi ɗin nan ya shige ciki ba a ji ba. A zahiri ma aikin ba ya cika ninkin huɗu, tun da kwamfuta ta huta da yawan farawa da tsayawa. Abin da ƙara bafa yake yi ke nan. Ba ya ƙara wa kwamfuta ƙarfi, sarari yake ba ta na shanye katsalandan. Daga nan ake gane iyakarsa: idan waƙa ta yi nauyin da lissafin daƙiƙa ɗaya na sauti ke cin fiye da daƙiƙa ɗaya, ko bafa 2048 aka sa ba zai yi magani ba. Dole a rage kaya.

To me ya hana a bar shi a 1024 kowa ya huta? Mawaƙi ne zai ƙi. Muryarsa na shiga bafan shigowa, ta bi ta manhaja, ta sake jira a bafan fita kafin ta iso kunnensa. Jinkirin ya zama ninki biyu, ga ɗan ƙari daga na'urar kanta da hanyar USB. A 128 zagayen yakan tsaya ƙasa da milisakan 10, wanda yawancin mutane ba sa damuwa da shi. A 512 ya haura 21, a 1024 ya haura 42. Nan mawaƙi zai fara jin muryarsa na bin bayan bakinsa, ya rikice, ya saki kari. Mai buga fiyano ma zai ji yatsa ya riga sauti.

Masu ƙera saunkad sun tanadi mafita: maɓallin da ke kai murya daga makirfo zuwa abin kunne kai tsaye, ba tare da ta shiga kwamfuta ba. A ƙananan na'urorin Focusrite Scarlett an rubuta masa Direct Monitor. Da shi jinkiri ya kau, bafa ya zauna a 512 ko sama. Sai dai muryar da za a ji tsurarta ce. A waƙoƙinmu na zamani, inda mawaƙa da yawa suka saba rerawa suna jin Auto-Tune a kunne, wannan mafita ba ta cika karɓuwa ba, domin gyaran a cikin kwamfuta yake faruwa. A ganina a nan hanya ɗaya ce mai tsafta: a fitar da kiɗan gaba ɗaya ya zama fayil guda, a buɗe sabon aiki mara nauyi, a ɗauki murya a kansa da bafa 128, sannan a dawo da muryar cikin babban aiki a haɗa da bafa 1024. Lokacin haɗawa ba wanda ke rerawa, jinkiri bai dami kowa ba.

Akwai abin da ke ruɗa masu aiki. Mutum ya buɗe Task Manager ya ga ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta kai rabin ƙarfinta ba, amma sauti na tsattsagewa. Dalili shi ne wannan awo matsakaici ne na duk sassan ƙwaƙwalwar a tsawon lokaci, alhali fulogin da aka jera a kan layin murya ɗaya dole su yi aiki bi da bi, na biyu na jiran na farko. Sashe ɗaya ya cika maƙil, sauran na zaman kashe wando. Awon da ke cikin manhajar kiɗa shi ne abin dubawa. A FL Studio, shafin Audio settings na nuna Buffer length tare da ƙidayar underruns, wato sau nawa aka makara. In lambar na hawa daidai lokacin da ake jin ƙarar, an kama ɓarawo.

Yanayinmu ma na da hannu. Da an ɗauke wuta, kwamfutar cinya ta koma kan batir, Windows kan rage mata gudu don tattalin caji, aikin da ke cin 2.2 ya tsallake 2.7 ba tare da an taɓa komai ba. Haka zafin watan Afrilu a rufaffen ɗaki mai soso a bango: ƙwaƙwalwa na yin zafi sai ta sassauta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa wata matsalar ba ta bayyana sai an yi awa ana aiki. A saita tsarin wuta a kan cikakken ƙarfi, a ɗaga kwamfuta ta sha iska, a kashe Wi-Fi, a jona saunkad kai tsaye ba ta mahaɗar USB mai baki da yawa ba. A kuma tabbata direban ASIO na kamfanin saunkad ɗin aka zaɓa. ASIO tsari ne na kamfanin Steinberg da ke ba manhaja damar isa na'ura ba tare da dogon zagaye ba. ASIO4ALL kuwa na wanda na'urarsa ba ta da nata direban ne. Idan duk an yi wannan ƙarar ba ta tafi ba, manhajar LatencyMon na nuna direban da ke riƙe kwamfuta, kuma in ta ambaci ndis.sys, ɓangaren sadarwa take nufi.

Ba kowace ƙara ce ta bafa ba. Wadda ke zuwa kawai idan mawaƙi ya ɗaga murya, tare da jar fitila a jikin saunkad, ƙarfin shigarwa ne ya yi yawa, a rage shi. Wadda ke tashi in an motsa waya, wayar ce ko bakinta. Gurnani mara yankewa kuma daga wutar lantarki yake. Gwaji mafi sauƙi shi ne a fitar da waƙar ta zama fayil, a saurara a waya. Wajen fitarwa kwamfuta ba ta tsere da agogo, tana lissafi a tsanake, don haka tas-tas ɗin da makarar sauraro ta haifar ba ya shiga fayil. Idan kuwa an ji shi a daidai wuri ɗaya kowane lokaci, to a lokacin ɗaukar murya aka makara, samfuran da suka zube sun zube, kuma ƙara bafa yanzu ba zai dawo da su ba. Sai dai a goge ƙarar da manhajar gyara in ƙarama ce, ko a kira mawaƙi ya maimaita baitin kafin ya bar situdiyo.