Karanta Taswirar Taurari: A Fara Daga Hagu

Taswirar da masu ilmin taurari na Turai ke zana wa mutum da'ira ce mai nuna inda rana, wata da taurari masu tafiya suke a sama lokacin da aka haife shi, daga garin haihuwarsa. Wuraren da ta nuna lissafin falaki ne tsantsa. Ma'anonin da ake ɗora musu kuwa al'ada ce da kimiyya ba ta tabbatar ba, malaman Musulunci ma sun hana dogaro da taurari wajen neman sanin gaibu.

Mai kallon farko ya ɗora yatsa a hagu, inda aka rubuta AC ko ASC. Nan ne gabas, wato burujin da ke ɓullowa a lokacin haihuwa. Layin da ya ratsa daga nan zuwa dama shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa. Zoben waje yana ɗauke da buruji 12, daga Hamal zuwa Hutu, kowanne digiri 30. Yankuna 12 na ciki su ne gidaje, ana ƙirga su daga AC a gangara ƙasa, saɓanin tafiyar agogo. A wurinsu gida na ɗaya na jiki ne da hali, na bakwai na aure, na goma na sana'a.

Alamomin ba su da wuya: ☉ rana ce, ☽ wata, ♀ Zahra, ♂ Mirrihu. Lambar da ke gefen kowacce ita ce digirinta a cikin burujin.

A ce AC ya faɗa Asad, rana tana digiri 15 na Hamal, Mirrihu yana 17 na Saraɗan. A tsarin Whole Sign, inda kowane buruji gida guda ne, Asad ne gida na ɗaya, Hamal ya zama na tara. Ke nan rana tana saman layin, da rana aka haifi mutumin. In dangi sun ce da tsakar dare ne, to an yi kuskure wajen shigar da lokaci. Wannan binciken ya kamata kowa ya fara yi, domin AC yana gusawa kusan digiri ɗaya duk minti 4, cikin kamar awa 2 ya sauya buruji, gidaje duka su juya.

Layukan tsakiya tazara suke aunawa. Daga ranar nan zuwa Mirrihu digiri 92 ne, kusa da 90, shi ya sa za a ga layi ya haɗa su, galibi ja. Tazarar 90 da 180 ana ɗaukarta ta takun saƙa, 60 da 120 ta jituwa, da shuɗin layi. Ana yin rangwamen 'yan digiri, amma gwargwadon kusancin tazarar da ainihin adadin, gwargwadon nauyin da suke ba ta. Wani lokaci shafi biyu su ba da gidaje daban ga mutum ɗaya. Yawanci ɗaya Placidus ya bi, ɗayan Whole Sign, sai a duba sunan tsarin a gefen taswirar.