Lita nawa ɗaki zai sha, kuma me ke sa fenti ya ɓamɓare?

Idan mai gida ya shiga shagon fenti ya tambayi nawa zai saya wa ɗaki ɗaya, amsar da aka saba ba shi ita ce: "Ɗauki bokiti guda, Alhaji, zai isa." Bokitin nan lita 20 ne. Wani lokacin rabinsa ke ragewa ya daskare a bayan ƙofa, wani lokacin kuma ya ƙare ana tsakiyar aiki. Abin da ke kawo wannan bambanci shi ne bangon kansa. Bangon da aka gyara da kyau ba ya shan fenti da yawa, kuma yana riƙe shi shekaru. Wanda ba a gyara ba yana zuƙe fenti da yawa, kuma yakan zubar da shi kafin damina ta biyu.

Bari mu fara da lissafi, mu ɗauki ɗakin da kowa ya sani, sha biyu-sha biyu. Ƙafa 12 kusan mita 3.6 ce, tsayin bango kuwa daga daɓe zuwa silin mu ce mita 3. A zagaya ɗakin da tef: bango huɗu, kowanne mita 3.6, ya kama mita 14.4. A ninka wannan da tsayin, sai a samu murabba'in mita 43 da 'yan kai. Sai a cire inda fenti ba zai hau ba. Ƙofar ɗaki mai faɗin mita 0.9 da tsayin mita 2.1 ta kusa murabba'in mita 2, taga mai ƙafa huɗu-huɗu kuwa kusan ɗaya da rabi. Abin da ya rage bai wuce murabba'in mita 40 ba. Wannan shi ne fuskar bangon da za a shafa.

Amma ba sau ɗaya ake shafawa ba. Hannu biyu shi ne mafi ƙaranci, don haka aikin ya zama murabba'in mita 80. Fentin ruwa mai kyau, wanda masu sana'a ke kira emolshan, lita ɗaya kan rufe kimanin murabba'in mita 10 a hannu ɗaya idan bangon sumul ne kuma an taɓa yi masa fenti. Kenan lita 8, wato galan biyu masu lita huɗu-huɗu. Idan za a haɗa da silin, faɗinsa 3.6 sau 3.6 ne, kusan murabba'in mita 13, hannu biyu ya zama 26, sai a ware masa lita 3 na fari. A ɗora kashi ɗaya cikin goma a kan jimillar, saboda abin da rola za ta sha, da wanda zai ɗiga, da ɗan ragowar da za a ajiye don gyaran tabo nan gaba.

Wannan lissafin na bango mai lafiya ne. Sabuwar filasta mai kaushi tana iya mayar da lita ɗaya ta rufe murabba'in mita 6 ko 7 kawai a hannun farko, sai ka ga ɗakin da aka yi wa lissafin lita 8 ya ci 10 ko 11. Haka idan ana son rufe launi mai duhu, shuɗi ko kore, da farin madara, to a shirya wa hannu uku. Fenti mai yashi, irin wanda ake yi wa bangon waje mai gurza-gurza, lissafinsa daban ne gaba ɗaya, domin yana ci ninkin-ba-ninkin na emolshan. Kowane kamfani kan rubuta a jikin bokiti ko murabba'in mita nawa lita za ta rufe. A karanta, amma a ɗauki ƙaramin adadin da suka ba da, domin babban na bangon da ba shi da aibi ne. Fenti mai arha kuma ruwansa ya fi garinsa yawa, sai an yi hannu uku ko huɗu kafin ya rufe, a ƙarshe arhar ta koma tsada.

Idan an sayi galan fiye da ɗaya na launi guda, a juye su duka cikin babban bokiti a gauraya kafin a fara. Galan biyu masu suna ɗaya kan ɗan bambanta a launi, kuma ba a ganin bambancin sai bango ya bushe.

Yanzu ga inda yawancin kuɗi ke salwanta. Fenti fata ce siririya da ke manne wa abin da ta tarar a fuskar bango. Idan ta tarar da filasta mai ƙarfi, busasshiya, mai tsabta, ta kama. Idan ta tarar da ƙura ko gari ko maiƙo, su ta kama, kuma duk ranar da suka saki bango, tare za su faɗo. Idan kuwa akwai ruwa a cikin bangon, zai nemi hanyar fita ya turo fentin daga baya.

Danshi ne ya fi kowanne ɓarna, shi ya sa zan daɗe a kansa. Sabuwar filastar siminti tana bukatar aƙalla mako huɗu kafin a yi mata fenti, a damina ma fiye da haka. Dalilin biyu ne: akwai ruwan da aka kwaɓa ta da shi wanda bai gama fita ba, sannan sabon siminti yana da kaifi irin na kanwa wanda ke cin fenti, musamman fentin mai. Gaggawar biki ce ta fi jawo wannan matsala. A gama shafe ranar Litinin, a yi fenti ranar Alhamis saboda za a kawo amarya Asabar, bayan wata uku bango ya fara kumbura. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A yanko leda mai kauri kamar kamu biyu a kowane gefe, a manna ta a bango da salatif, a rufe duk gefunan ruf, a bar ta kwana ɗaya. Idan an ɓare aka ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya fi sauran bango duhu, to bangon bai bushe ba. A jira.

A tsohon gida, wurin da fenti ya lalace yana nuna inda ruwan ke fitowa. Idan ɓarnar tana ƙasa, daga daɓe zuwa kamar gwiwa ko ƙugu, kuma ana ganin wani farin gari kamar gishiri yana tsatsowa, ruwa ne ke hawowa daga ƙasa. Hakan na faruwa ne idan ba a shimfiɗa abin tare danshi a kan harsashi ba lokacin gini, ko kuma ruwan wanka da na sama yana kwanciya a gindin bango. Idan ɓarnar tana sama kusa da silin, a duba kwano da indararo. Idan kuwa tabo ne a tsakiyar bangon da ke maƙwabtaka da banɗaki, a zargi bututu. A duk waɗannan, sake fenti ba tare da an tsayar da ruwan ba zubar da kuɗi ne. Na fi jin takaicin masu rufe irin wannan wuri da fentin mai, suna ganin ai ba ya shan ruwa. Gaskiya ne ba ya sha, amma kuma ba ya barin na ciki ya fita, sai ya yi ƙuraje ya kwaile falle-falle, ko danshin ya haura sama da inda aka tsaya. Farin gishirin nan kuma a busasshe ake goge shi da buroshi mai ƙarfi. In aka wanke shi da ruwa, narkewa yake yi ya koma ciki, ya sake fitowa.

Bayan danshi sai gari. A goga tafin hannu a bango. Idan ya fito fari, ko yashi yana zuba, fenti ba zai zauna ba. A ƙasar Hausa ana yawan samun haka a filastar da aka yi da hunturu ko tsakiyar bazara ba a yi mata bayi ba, ta bushe kafin simintin ya kama, ko wadda aka yi wa rowar siminti. Bangon da aka taɓa shafa wa farar ƙasa ma haka yake, sai an kankare ta tas. Don gwada tsohon fenti, a ɗan tsaga shi da reza, a manna salatif a kai, a fizge. In ya taho da fenti, tsohon bai riƙe ba, kuma sabon zai ƙara masa nauyi ne kawai. A kankare duk abin da ya saki, a goge bakin wurin da samfefa har ya daidaita.

Tsagar da ba ta wuce silin gashi ba ana ɗan buɗa ta, a share, a cike da fila, a bari ya bushe, a goge. Amma tsagar da ke ƙara faɗi ko ta ratsa bulo, wannan maganar magini ce. Sikiridin da ake yayi yanzu yana sa bango ya yi santsi ya kuma rage shan fenti, sai dai a yi shi siriri, a bari ya bushe sosai, a share garin da samfefa ta tayar. Sikiridin mai kauri a kan bango mai danshi yakan faɗo ne da fentin gaba ɗaya. Bangon kicin da hayaƙi da maiƙo suka kama a wanke shi da ruwan omo, a ɗauraye, a bari ya bushe. Idan za a ɗora fentin ruwa a kan tsohon fentin mai, dole a kashe sheƙinsa da samfefa a sa andakot, in ba haka ba da farce ma sai a ɓare shi. A nan a kula: tsofaffin fentin mai da dama suna ɗauke da dalma, wadda ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. A jiƙa samfefar don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a fitar da yara da masu juna biyu, a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma bayan an gama.

Sabon bango yana son firaima wadda aka yi don siminti. Idan ba a samu ba, a tsinka hannun farko na emolshan da ruwa gwargwadon yadda kamfanin ya rubuta, don ya ratsa filasta ya kama. Wannan kaɗai ne hannun da tsinkawa ke amfana. Mai fentin da ke tuttula ruwa a kowane hannu don bokiti ya yi auki yana raunana gam ɗin da ke riƙe fentin, kuma nan da shekara bangon zai riƙa shafa wa mutane fari a riga. A bar kowane hannu ya bushe kafin na gaba: fentin ruwa awa biyu zuwa huɗu, fentin mai kuwa sai ya kwana. Bangon waje kada a shafa shi rana tana dukansa, domin saman fentin zai bushe kafin ƙasansa ya kama. A bi inuwa, a yi bangon yamma da safe, na gabas da la'asar. Ranar da hazo ya sauko kuwa, a sake share bangon da safen da za a fara, ko da an share shi jiya.